Yadda ake harhaɗa igiya mai kusurwa daga igiyoyin sayin, da dalilin da jimlar ke zarce layi

Igiya mai kusurwa ita ce wadda ke zama a kan +1 tsawon rabin zagaye, sai ta faɗo gaba ɗaya zuwa −1 ta zauna tsawon ɗaya rabin, sannan ta sake tsallakawa sama. Ba hawa a hankali, ba sauka a hankali. Igiyar sayin kuwa, wato wadda sin na lissafi ke zanawa, sumul take, babu inda ta karye. Duk da haka, idan ka tara igiyoyin sayin daidai gwargwado, za ka ga mai kusurwar tana fitowa a gabanka. Sai dai a gefen kowane tsalle akwai wani tsini da ke zarce layin +1, kuma ko igiya dubu ka zuba ba zai sauka ba. A nan za mu gina igiyar da hannu, mu auna tsinin, mu gano inda yake fitowa.

Abin da kake buƙata shi ne kalkuleta mai maɓallin sin, ko Excel, ko Python. Zan ɗauki igiya mai zagaye 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, irin mitar wutar da ke shiga gidajenmu. Zagaye ɗaya yana cin 20 ms, kuma ms ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A lissafi za mu kira wurin da muke cikin zagayen x: zagaye cikakke digiri 360 ne, ko 2π a ma'aunin radiyan.

Mataki na 1: zaɓi igiyoyin da za su shiga

Uwar igiyoyin ita ce sin(x), mai mita 50 Hz. Sauran su ne masu ninka mitarta, waɗanda ake kira hamonik: sin(2x) tana kan 100 Hz, sin(3x) tana kan 150 Hz, haka har gaba. Ba dukansu ke da gurbi ba. Lambobin mara kaɗai za mu ɗauka, wato 1, 3, 5, 7, 9, mu bar na cika.

Dalilin yana cikin siffar igiyar kanta. Idan ka matsa gaba da rabin zagaye, abin da za ka tarar shi ne abin da ka baro amma a kife: inda yake +1 ya koma −1. Duk igiyar da za ta shiga ginin dole ta kasance da wannan hali. Gwada sin(3x): a digiri 30 tana ba da sin(90°), wato +1, a digiri 210 tana ba da sin(630°), wato −1. Ta kife, ta dace. Yanzu gwada sin(2x): a digiri 45 tana ba da +1, a digiri 225 ma +1. Ba ta kife ba. Idan ka saka ta, rabin zagayen farko zai bambanta da na biyu, igiyar ta karkace.

Mataki na 2: ba kowace tsayinta

Hamonik mai lamba m tsayinta 4/(mπ) ne. Jimlar ke nan:

```
S(x) = (4/π) × [ sin(x) + sin(3x)/3 + sin(5x)/5 + sin(7x)/7 + ... ]
```

Wannan 4/π, wanda yake 1.2732, ba daga sama ya faɗo ba. Don sanin yawan sin(x) da ke cikin igiya mai kusurwa, ana ninka su biyun a ɗauki matsakaici a kan zagaye ɗaya. A rabin farko ana ninka sayin da +1, a rabi na biyu ana ninka ta da −1 alhali ita ma tana ƙasa da sifiri, don haka duk tudun ya koma sama. Matsakaicinsa 2/π ne, kusan 0.637. Idan kuma ka ninka sin(x) da kanta, matsakaicin rabi ne. Raba 2/π da rabi, ka sami 4/π. A wajen sin(3x), kowane rabin zagaye yana ɗauke da tudu biyu da kwari ɗaya. Tudu ɗaya da kwarin sun cinye juna, saura ɗaya cikin uku. Daga nan rabawa da 3 ta fito, haka da 5, haka da 7.

Lura da abu guda tun yanzu: uwar igiyar ta fi igiyar da muke son ginawa tsayi. Muna neman 1, ita tana kaiwa 1.27. Aikin sauran shi ne su danne tsakiyarta su ɗaga gefunanta.

Mataki na 3: tara su ɗaya bayan ɗaya

Bari N ya zama yawan igiyoyin da muka zuba. Fara da kallon tsakiyar tudu, digiri 90, inda lissafin yake da sauƙi domin kowace sayin ko +1 ce ko −1.

Da igiya ɗaya kana da 1.273. Ƙara hamonik ta uku: a digiri 90 tana ƙasa, sai abin cikin baka ya zama 1 − 1/3, jimlar ta sauko 0.849. Ta wuce gona da iri, ta yi rami a tsakiya. Ƙara ta biyar, jimlar ta koma 1.103. Ta bakwai ta mai da ita 0.922, ta tara ta kai ta 1.063. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, kowane karo kuskuren na raguwa. A nan komai lafiya yake: idan ka ci gaba, abin cikin baka, wato 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 har gaba, yana nufar π/4, kuma ninka shi da 4/π yana ba da 1 cif.

A Excel, zuba digiri daga 0 zuwa 360 a shafin A, sannan ka rubuta wannan a B2 ka ja shi ƙasa:

```
=4/PI()*(SIN(RADIANS(A2))+SIN(3*RADIANS(A2))/3+SIN(5*RADIANS(A2))/5)
```

Zana shi. Za ka ga tudu uku a saman kowane rabin zagaye, na tsakiya ya fi guntu, na gefe biyu sun fi tsayi. Yawan tudun daidai yake da N. Waɗannan na gefen su ne abin da ya kawo mu.

Mataki na 4: nemo inda tsinin yake

Ba sai ka yi ta lalube a zane ba. Tsini wuri ne da hawa ya ƙare, gangara ta zama sifiri. Gangarar jimlarmu ita ce (4/π) sau cos(x) + cos(3x) + cos(5x) har zuwa ta ƙarshe, domin rabawar nan da 3 da 5 tana ɓacewa idan aka ɗauki gangara. Wannan jerin yana dunƙulewa wuri ɗaya:

```
S'(x) = (2/π) × sin(2Nx) / sin(x)
```

Karon farko da wannan ke zama sifiri bayan tsalle shi ne inda 2Nx ya kai digiri 180. Don haka tsinin farko yana kan digiri 90 a raba da N. Da igiya biyu yana kan digiri 45, da uku yana kan 30, da biyar yana kan 18.

Mu yi na N = 3 da hannu. A digiri 30, sin(30°) rabi ne. Ta uku tana kan sin(90°), wato 1, a raba da 3 ya ba da 0.3333. Ta biyar tana kan sin(150°), wato rabi, a raba da 5 ya ba da 0.1. Jimla 0.9333, a ninka da 1.2732, an sami 1.1884.

Na N = 5, a digiri 18: guntayen su ne 0.3090, 0.2697, 0.2000, 0.1156 da 0.0343. Jimlarsu 0.9286, tsinin 1.1823. Duba da kyau, babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ke ƙasa da sifiri. A tsakiyar tudu suna jayayya, wannan ya ɗaga wancan ya danne. A nan kuwa bakinsu ɗaya, duka sama suke turawa.

Ga ɗan lambar da za ta yi maka sauran:

```python
import numpy as np

def S(x, N):
    m = np.arange(1, 2*N, 2)
    return 4/np.pi * (np.sin(np.outer(x, m)) / m).sum(axis=1)

for N in (1, 2, 3, 5, 10, 50):
    x = np.linspace(0, np.pi/N, 2001)
    print(N, round(S(x, N).max(), 4))
```

Za ta ba ka 1.2732, 1.2004, 1.1884, 1.1823, 1.1798, 1.179. Da farko kamar abin zai sauka zuwa 1, sai ka ga ya cije. Daga igiya 10 zuwa 50 bambancin bai kai 0.001 ba. Abin da ke canzawa shi ne wurin tsinin da faɗinsa. A igiyarmu ta 50 Hz, da N = 5 yana zuwa ne 1 ms bayan tsalle. Da N = 50, inda hamonik ta ƙarshe take kan 4950 Hz, yana zuwa 0.1 ms bayan tsalle. Ya matsa kusa da bango sau goma, ya sirance sau goma, tsayinsa na nan.

Me ya sa ba ya sauka?

Koma ga lissafin N = 5. Kusurwoyin da muka saka cikin sayin su ne 18, 54, 90, 126 da 162. A N = 3 kuwa 30, 90 da 150. A kowane hali sun bazu daidai wa daida tsakanin 0 da 180. Ko N dubu ne, haka za su bazu, sai dai su yi yawa su matsu. Sirrin ke nan: duk lokacin da ka ƙara igiya, tsinin yana matsawa kusa da tsalle daidai yadda hamonik ta ƙarshe za ta tsaya dab da digiri 180. Tsarin bai canza ba, an dai tsuke shi.

A rubuce, kira kowace kusurwa t, a radiyan, t = mπ/(2N). Tazarar da ke tsakanin wata da mai bin ta π/N ce. Idan ka sake jera kowane guntu, zai zama (2/π) sau sin(t)/t sau wannan tazarar. Tsayi sau faɗi ke nan, wato muna tara filayen ƴan siraran ginshiƙai da ke ƙarƙashin lanƙwasar sin(t)/t daga 0 zuwa π. Yawan N ba ya ƙara filin, yana dai sa awon ya ƙara daidaita. Filin da kansa adadi ne tsayayye, 1.8519. Kana iya tabbatar da shi da kalkuleta:

```
π − π³/18 + π⁵/600 − π⁷/35280 + π⁹/3265920 − ...
= 3.1416 − 1.7226 + 0.5100 − 0.0856 + 0.0091 − ...
```

Waɗannan biyar sun ba da 1.8525, guntu na gaba ya rage kusan 0.0007. Ninka 1.8519 da 2/π, ka sami 1.1790.

Saura tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa ya fi 1? Lanƙwasar sin(t)/t tana farawa daga 1, ta sauko sifiri a π, ta nutse ƙasa har 2π, ta sake leƙowa sama har 3π, kowane karo da ƙarancin ƙarfi. Idan ka tara filin duka har abada, na sama a ƙara na ƙasa a cire, amsar π/2 ce, wato 1.5708, kuma ita ce ke ba da 1 cif bayan ninkawa da 2/π. To amma tudun farko shi kaɗai 1.8519 ne. Ya ɗauki fiye da abin da ake nema, sai kwarin da ke binsa ya zo ya rage kusan 0.434. Jimlar ta koma 1.418, wadda ke ba da 0.903: ramin farko ke nan da ke bayan tsini. Tudu na gaba ya mai da ita 1.066. Kamar ciniki ne a kasuwa: mai kaya ya yi tsada, mai saye ya taya ƙasa, a yi ta matsowa har a daidaita. Tsinin shi ne kuɗin farko da mai kaya ya faɗa.

Akwai wanda zai ce, to ashe jerin bai kai ga igiya mai kusurwa ba ke nan? Ya kai, amma sai an fayyace irin kaiwar. Ka tsaya a wuri guda, a ce digiri 18. Da N = 5 tsinin yana kanka. Da N = 10 ya wuce ka zuwa digiri 9, kai kana cikin ramin farko. Da N = 50 ya yi nisa, ƙananan kaɗawa ne kawai suka rage a inda kake. Kowane wuri tsayayye, in ba kan tsallen kansa ba, yana nufar +1 ko −1. A kan tsallen kuwa jimlar sifiri ce kullum, tsakiyar sama da ƙasa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka sami N guda da zai sa kuskuren ya zama ƙarami a ko'ina lokaci ɗaya. Kullum akwai wani wuri, kusa da bango, da kuskuren yake 0.179.

Henry Wilbraham ne ya fara bayyana wannan a 1848, aikinsa ya kwanta ba a kula ba. A 1898 Albert Michelson, wanda shi da Samuel Stratton suka ƙera na'urar da ke tara igiyoyi har 80, ya tayar da muhawara a mujallar Nature kan halin irin waɗannan jerin a wurin tsalle. J. Willard Gibbs ya shiga maganar, kuma a wasiƙarsa ta 1899 ya fito da zarcewar a fili. Maxime Bôcher ne ya laƙaba wa abin sunan Gibbs a 1906, sunan da ya bi shi har yau.

Kashi 9 ko kashi 18?

Za ka ga ana cewa zarcewar kusan kashi 9 cikin 100 ce, alhali mu mun sami 0.179. Babu saɓani. Ana auna ta ne da girman tsallen, kuma tsallenmu daga −1 zuwa +1 ne, wato 2. Raba 0.179 da 2, ka sami kashi 8.95 cikin 100. Idan igiyarka daga 0 zuwa 5 take, tsallen 5 ne, tsinin zai kai kusan 5.45, na ƙasa kuma ya nutse zuwa −0.45. Wannan kason bai keɓanta da igiya mai kusurwa ba. Duk inda igiya mai santsi a gefe biyu ta yi tsalle, jerinta zai zarce da wannan kaso na tsallen.

Inda aikin ke lalacewa

Na farko sananne ne: SIN na Excel da na Python radiyan suke karɓa. Idan ka ba su digiri kai tsaye, zanen zai fito birkice. Gwajin gaggawa shi ne sin(90°) ya ba ka 1. In ka ga 0.894, ka manta juyawa.

Idan zanen ya fito da gangara doguwa kamar haƙoran zarto, lambobin cika sun shiga. Idan ya fito lanƙwashe babu tsalle ko kaɗan, duba ko ka raba da m sau m maimakon m.

Wanda ya fi yaudara shi ne na tazarar awo. A ce shafinka na Excel yana tafiya digiri ɗaya-ɗaya. Da N = 50 tsinin yana kan digiri 1.8, kusa da 2, za ka gan shi. Da N = 90 yana kan digiri 1 cif. Da N = 180 ya koma rabin digiri, ya faɗa tsakanin layi biyu, kuma kowane layin shafinka ya sauka ne a cikin rami. Abin da za ka gani shi ne 0.903 a digiri 1, sannan lambobi masu hawa a hankali zuwa 1, babu wanda ya wuce shi. Sai mutum ya rantse zarcewar ta ɓace. Ba ta je ko'ina ba, awonka ne ya tsallake ta. Shi ya sa a lambar Python ɗin nan na ɗaure iyakar x da π/N: taga tana tsukewa tare da tsinin. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce tazarar awonka kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na 90/N.

Idan kana son kawar da tsinin

Tun da ƙarin igiyoyi ba magani ba ne, sai a duba abin da ke haddasa shi: yanke jerin da muke yi farat ɗaya. Hamonik ta ƙarshe ta shigo da cikakken tsayinta, mai bin ta kuma sifiri. Maganin shi ne a rage musu ƙarfi sannu a hankali kafin a kai wurin yankan.

Hanyar Lipót Fejér, ta shekarar 1900, ita ce a ninka kowace hamonik da 1 − m/(2N). Da N = 3 ma'aunan su ne 5/6, 1/2 da 1/6. A digiri 30, inda ɗazu muka sami 1.188, yanzu guntayen sun zama 0.4167, 0.1667 da 0.0167, jimla 0.6, amsa 0.764. A digiri 90 amsar 0.891 ce. Wannan hanya ba ta taɓa wuce 1, kowane N ka ɗauka. Amma ka ga kuɗin da aka biya: hawan ya yi sanyi, kusurwar ta dakushe, har tsakiyar tudun bai kai 1 ba. A ganina, ga yawancin aiki ta yi tsada.

Ta Cornelius Lanczos ta fi daidaito. A nan ma'aunin sin(u)/u ne, inda u = mπ/(2N), wanda daidai yake da ɗaukar matsakaicin jimlar a kan faɗin kaɗawa ɗaya, tudu da kwari su cinye juna. Zarcewar tana saukowa daga kashi 9 zuwa kusan kashi 1.2 na tsallen, tsinin ya tsaya wajen 1.024, amma hawan ya ƙara faɗi. A lambar Python layi ɗaya za ka ƙara, ɗaya ka canza, domin np.sinc ta riga ta ƙunshi π a cikinta:

```python
    w = np.sinc(m / (2*N))
    return 4/np.pi * (np.sin(np.outer(x, m)) * w / m).sum(axis=1)
```

Idan za ka nemi tsinin bayan wannan gyara, faɗaɗa tagar zuwa 2π/N, domin ya matsa baya kaɗan.

Wani lokacin ma barin tsinin ya fi. Tun da yana sirancewa, ƙarfin da ke cikinsa yana tafiya sifiri. Uwar igiyar ita kaɗai tana ɗauke da kashi 81 cikin 100 na ƙarfin igiya mai kusurwa, ta uku kashi 9, biyar na farko a haɗe kusan kashi 96. Wanda ke lissafin zafi ko ƙarfin wuta bai damu da tsini ba. Wanda ke da iyakar da sigina ba zai wuce ba, kamar mai haɗa sauti a kwamfuta inda duk abin da ya haura 1 ake datse shi, dole ya bar sarari: ya raba jimlar da 1.18 idan igiyoyin sun kai goma, ko da 1.28 idan akwai sautukan da igiyoyinsu ba su kai haka ba.

Lissafin nan ne kuma ke bayanin gurnanin da fanka ko tiransfoma ke yi a kan inbata mai arha da ke fitar da igiya mai kusurwa: ban da 50 Hz ɗin da aka ƙera su dominsa, suna shan 150 Hz mai kashi ɗaya cikin uku na tsayin uwar, da 250 Hz mai kashi ɗaya cikin biyar. Amma idan ka ɗora osiloskof, na'urar da ke zana siffar igiya a allo, a kan irin wannan inbata ka ga kaɗawa a gefen tsalle, kada ka yi saurin kiran sunan Gibbs. Sau da yawa naɗin waya da kafasita ne ke amsa wa juna. Ga yadda za ka bambance: kaɗawar da'ira tana zuwa ne bayan tsalle kawai, kuma girmanta yana canzawa idan ka canza lodi ko ka gajarta wayar awo. Ta jerin sayin da aka yanke tana nan gaba da baya, tsini kafin a faɗo da tsini bayan an hau, iri ɗaya, kuma kasonta yana tsaye a kashi 9 na tsallen.